Ƙulli a yatsu da ciwon gindin babban yatsa: in daina aiki da hannun ne?

"Assalamu alaikum likita. Shekaruna 57, ɗinki nake yi. Kusan shekara biyu ke nan wasu ƙulle-ƙulle masu tauri suka fito mini a gaɓoɓin yatsuna kusa da farce, ɗaya har ya fara karkacewa. Yanzu kuma gindin babban yatsana na dama ne ke ciwo, in zan murɗa makulli ko in matse wanki sai na cije. Mahaifiyata ma haka yatsunta suka yi. In daina aiki da hannun ne don kada ya ƙara lalacewa?"

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. A'a, kada ki ajiye hannun. Hannun da aka ajiye sandarewa yake yi, tsokarsa ta zube, ranar da kika koma aiki da shi ki tarar ciwon ya fi na da. Abin da za ki sauya shi ne yadda kike kama abu, musamman da babban yatsa, kuma a kan wannan zan fi tsayawa. Ni aikina a sashen gashin ƙashi yake, hannaye ne yawancin abin da ke zuwa gabana. Ban taɓa hannunki ba, don haka sai wanda ya duba ki ido da ido zai tabbatar da sunan ciwon, amma bayaninki ya yi daidai da amosanin gaɓɓai irin wanda guringuntsi ke zaizayewa.

A kowace gaɓa, kan ƙasusuwa biyun da suka haɗu lulluɓe yake da guringuntsi mai santsi. Idan ya fara sirancewa, ƙashin da ke ƙarƙashinsa sai ya yi kauri, ya riƙa fitar da ƙarin ƙashi a gefe-gefe. Wannan ƙarin ƙashin shi ne ƙullin da kike taɓawa. Ba ciwon ƙari ba ne, ba mugunya ba ce, kuma babu man da zai narkar da shi. Na gaɓar kusa da farce ana kiransu da sunan Heberden, likitan Ingila da ya bayyana su a rubutunsa da aka buga a 1802, na gaɓar tsakiyar yatsa kuma da sunan Bouchard, wani likitan Faransa. Sun fi kama mata, galibi bayan ɗaukewar al'ada, kuma suna bin jini ƙwarai. Yatsun mahaifiyarki sun fi keken ɗinkinki hannu a cikin wannan lamari.

Ƙulle-ƙullen nan su ne ke tayar wa mutane hankali saboda su ido ke gani, alhali yawanci su ne masu sauƙin. Yayin da suke fitowa gaɓar takan yi ja, ta kumbura, ta yi zafi na makonni ko watanni, ta lafa, ta sake tashi. Bayan wasu shekaru, a wurin mutane da yawa, zafin yakan kwanta, ƙullin ya zauna da taurinsa, yatsan ya ɗan karkace amma yana aiki. Abu ɗaya zan ja miki kunne a kai: wani lokaci wata 'yar ƙurji mai ruwa-ruwa takan fito tsakanin gaɓar da farce, har ta sa farcen ya yi kwari. Kada ki huda ta da allura, ko da allurar na hannunki kullum. A haɗe take da cikin gaɓar, huda ta buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa ne.

Gindin babban yatsa

Nan ne ainihin maganar. Ki bi babban yatsanki da ɗaya hannun ki gangara har inda ya haɗu da wuyan hannu. A nan akwai gaɓa tsakanin dogon ƙashin babban yatsa da wani ƙaramin ƙashi na wuyan hannu. Siffarta kamar sirdi ce da mahayi a kai: mahayin na iya sunkuyawa gaba, ya koma baya, ya karkata hagu ko dama, har ya ɗan juya. Shi ya sa babban yatsa ke iya taɓa kowane yatsa. Amma sirdin ba shi da zurfi, jijiyoyi da tsoka ne ke riƙe da mahayin. Idan jijiyoyin suka saki da shekaru, ƙashin sai ya riƙa zamewa waje duk lokacin da aka matse abu, nauyin ya taru a gefe ɗaya na guringuntsin ya cinye shi.

Nauyin kuma ba kaɗan ba ne. Wasu masu bincike biyu, Cooney da Chao, sun lissafa a 1977 cewa idan mutum ya matse abu tsakanin babban yatsa da manuniya da ƙarfin kilo 1, abin da ke sauka a kan gaɓar gindin yakan kai wajen kilo 12. Dalili shi ne jijiyoyin da ke jan yatsan suna wucewa dab da gaɓar, shi kuma abin da ake matsewa yana can nesa a kan yatsa, don haka sai sun ja da ƙarfi ninki-ninki. Wannan ne ya sa ɗan makulli ke sa ki cije, amma ki ɗauki abu mai nauyi a tafin hannu ba ki ji komai ba. Gaɓar ba ta damu da nauyin abin ba kamar yadda ta damu da sirantakarsa da kuma yawan matsin da ake yi masa.

Idan mai irin wannan ciwo ta zo mini, nakan riƙe ƙashin yatsan in danna shi ciki in juya a hankali. In ta ji ciwon da ta sani, ni ma na ji gurzar ƙashi a ƙarƙashin yatsuna, to gaɓar ce. Sannan in ce ta matse takarda in gani. A nan ake gane inda aka kai. Hannu mai lafiya yakan yi zobe, babban yatsa da manuniya su haɗu kowace gaɓa a ɗan lanƙwashe. Hannun da ciwon ya ci sai ki ga babban yatsan ya manne wa tafin hannu, gindinsa ya turo waje ya yi kusurwa, gaɓar tsakiyarsa kuma ta lanƙwashe baya. Ki gwada yanzu ki duba naki. In gaɓar tsakiyar tana faɗawa baya sa'ad da kika matse, ki sani kowane matsi yana ƙara tura gindin waje.

Hoton ƙashi zai nuna ramin gaɓar ya ƙuntata da ƙarin ƙashi a gefe. Sai dai hoto da ciwo ba sa tafiya tare kullum. Ana samun wadda hotonta ya yi muni tana aikinta lafiya lau, ana samun mai ɗan canji kaɗan ba ta iya sa maɓalli. Ba hoton muke yi wa magani ba.

Abin da zai sa a yi zargin wani ciwon daban

Ki lura da safiyarki. A wannan ciwo yatsu kan sandare in an tashi daga barci, amma kafin minti 30 sun saki. Idan sandarewar tana kai awa ɗaya ko fiye, kumburin mai laushi ne ba mai tauri ba, kuma ya kama manyan gaɓoɓin da yatsu ke haɗuwa da bayan hannu da wuyan hannu biyu, to ana tunanin ɗaya amosanin wanda garkuwar jiki ke haddasawa. Wannan yana buƙatar gwajin jini da magani na musamman da wuri, jinkiri na ɓata gaɓa. Idan kuma abin da ke damunki dindiris ne da jin kamar ana tsira miki allura a babban yatsa da manuniya da na tsakiya, har yana tashinki da dare, jijiyar da ke ratsa wuyan hannu ce ta matsu, kuma sau da yawa ana samun su biyun a hannu ɗaya. Gaɓa guda da ta kumbura farat ɗaya, ta yi ja da zafi sosai, ga zazzaɓi, wannan asibiti ne a ranar.

Yadda za a sauya kamu

Bari in ba ki labarin wata da na duba, mai shekaru kusan naki, ita ma da almakashi take wuni. Ta zo ne da niyyar a yi mata allura. Na ce ta fara lissafa mini abubuwan da ke sa ta ji ciwon a yini, tun daga tashi har kwanciya. Da muka zauna muka tace, abu huɗu ne ke ɗauke da yawancin ciwon: makulli, matse tsumma da wanki, almakashi, da jan allura a yadi mai kauri. Sauran ayyukanta duk gaɓar na iya ɗauka. Yawanci haka abin yake, shi ya sa ban yarda da a ce wa mutum ya huta da hannu gaba ɗaya ba.

Makulli muka fara gyarawa. Kan makulli siriri ne, ana kama shi da gefen manuniya da babban yatsa a murɗa, wato matsi da juyi a lokaci guda, mafi munin haɗi ga wannan gaɓa. Ana sayar da mariƙi da ake ɗaura makulli a jiki ya yi tsawo da kauri. In babu, a zura ɗan sanda ko ƙarfe mai kaurin biro ta ramin makullin, a dunƙule shi a tafi, a juya da dukan hannu. Murfin kwalba ma haka: a dafa shi da tsakiyar tafin hannu, a sa tsumma mai ɗan danshi ko ɗan roba don kada ya zame, a juya daga kafaɗa, babban yatsa yana zaune kawai.

Matse wanki ta daina yinsa da murɗa hannu biyu. Ta koma rataya tsumman a kan famfo ko wani ƙarfe, ta haɗa bakinsa biyu ta naɗa, ko ta shimfiɗa shi ta danne da tafin hannu ruwan ya fita. Kaya masu nauyi kuma a bar su su tsane da kansu.

Almakashi ya fi ba mu aiki. Mutane na zaton rufe almakashi ne ke wahalar da yatsa, amma buɗe shi ma yana yi, domin babban yatsa ne kaɗai ke ɗaga shi, zoben ƙarfen kuma yana gurzar gaɓa. Ta sayi irin mai sifirin wanda ke buɗe kansa, ba shi da zobe, ana matse shi da tafi da sauran yatsu huɗu. Ta kuma kai duk almakasanta aka wasa. Almakashi mai dakushi yana cin gaɓa fiye da yadi. Allura kuwa, maimakon ta ja ta da kan yatsu a wurin da yadi ya yi kauri, sai ta tura da abin kare yatsa na ƙarfe ta jawo da ƙaramar filaya. Biro da buroshin haƙori da wuƙa duk muka naɗa musu soso ko tsumma suka yi kauri, har ya zama in ta riƙe, babban yatsa da manuniya ba sa haɗuwa. Kaya kuma ta daina rataya su a kan yatsu, ta koma ɗauka a damtse ko ta tallafa da tafi biyu.

Sai maganar lokaci. Tana da halin zama a kan aiki ɗaya har sai ya ƙare, ko awa uku zai ci. Muka yi da ita duk bayan minti 20 zuwa 30 na yanka ko ɗinkin hannu za ta saki, ta buɗe hannun, ta yi wani aikin da ba na matsi ba. Na ba ta ma'aunin da muke ba kowa: idan ciwon da wani aiki ya tayar bai koma yadda yake ba bayan awa biyu, aikin ya yi yawa, gobe a rage ko a sauya yadda ake yinsa. Ɗan ciwo yayin aiki wanda ke wucewa da kansa ba alamar ɓarna ba ce.

Na yi mata maɗauri. Wani ɗan abu ne na roba mai tauri da ake tausasawa a ruwan zafi a ƙera shi daidai hannun mutum. Yana zagaye gindin babban yatsa ya riƙe shi a buɗe, ya hana gaɓar tsakiya faɗawa baya, ya bar kan yatsan da wuyan hannu suna motsi. Akwai kuma mai laushi da ake saye a shirye, ya fi daɗin sawa amma bai kai wancan riƙewa ba. Ta riƙa sa shi lokacin aiki mai matsi da kuma dare in ciwon ya tashi. Kuskuren da aka fi yi da maɗauri shi ne a sa shi sati ɗaya a ce bai yi ba. Amfaninsa a kan ciwo yakan fito fili ne in an daure da shi kamar wata uku. Kuma in yana danna ƙashin da ya turo, ko ya bar jan tabo da bai gushe ba bayan an cire, ko yatsa ya yi dindiris, a mayar da shi a gyara, ba a jure masa.

Motsa jikin da na koya mata bai da yawa. Ta fara tsoma hannun a ruwan ɗumi kamar minti 10. Sannan ta kama naman da ke tsakanin babban yatsa da manuniya da ɗaya hannun ta matsa a hankali na rabin minti, domin tsokar wurin ce ke ƙanƙancewa ta jawo yatsan cikin tafi. Daga nan ta buɗe hannu kamar za ta riƙe kofi, ta tsaya a haka daƙiƙa 5, ta saki, sau 10. Sai ta taɓa kan kowane yatsa da babban yatsa tana kula zoben ya fita sosai. Na ƙarshe shi ne wanda na fi ba muhimmanci: ta ɗora tafin hannu a kan tebur, ta matsar da manuniya ita kaɗai zuwa wajen babban yatsa, tana ɗan tare ta da yatsan ɗaya hannun. Tsokar da ke wannan aiki ta samo asali ne daga jikin ƙashin babban yatsa, in ta yi ƙarfi tana taimakawa wajen zaunar da shi a mazauninsa. Ban ba ta ƙwallon matsewa ba, ke ma kada ki saya. Matse ƙwallo da ƙarfi shi ne ainihin abin da muke gudu.

Sati biyun farko ta ce ba ta ga wani canji ba, sai ma takura. Wajen sati na shida ciwon dare ya ragu, makulli ya daina zama abin fargaba. Da aka kai wata uku tana wuni a shagonta, da maɗauri lokacin yanka. Kusurwar gindin yatsan tana nan yadda take, ƙulle-ƙullen ma suna nan, kuma in ta yi gaggawar aiki da yawa takan ji a jikinta kwana biyu. Allurar da ta zo nema dai ba a kai ga yi ba.

Magani, da iyakarsa

Har yanzu babu ƙwaya ko allura da aka tabbatar tana mayar da guringuntsin da ya zaizaye. Duk wanda ya yi miki wannan alkawari, riƙe kuɗinki. Shawarwarin da ƙungiyar likitocin amosanin gaɓɓai ta Turai ta sabunta a 2018 sun sa ilimantar da mara lafiya, motsa hannu da maɗauri a gaba, sannan a cikin magunguna suka fara da na shafawa. Man diklofenak yana da amfani a nan saboda gaɓoɓin yatsu dab da fata suke, kuma abin da ke shiga jini kaɗan ne in an kwatanta da ƙwaya. Ana shafawa sau uku zuwa huɗu a yini. Ki shafa a lokacin da ba za ki sa hannu a ruwa nan da nan ba, in ba haka ba kin wanke maganin.

Ƙwayoyin kashe zafi irin su ibufurofen da diklofenak na sha suna aiki, amma na 'yan kwanaki ne lokacin da ciwon ya tashi. A shekarunki, in akwai gyambon ciki, hawan jini, ciwon ƙoda ko na zuciya, ko kina shan maganin tsinka jini, kada ki fara sai da izinin likitanki. Na fi jin tsoron watanni ana haɗiyar waɗannan ƙwayoyi fiye da ciwon yatsan kansa. Farasitamol ya fi sauƙi ga ciki, sai dai taimakonsa a wannan ciwo kaɗan ne. Allurar sitiroyid, maganin rage kumburi, a cikin gaɓa takan ba wasu sauƙi na makonni ko 'yan watanni, musamman gaɓar da ta kumbura, amma sauƙin yana wucewa kuma ba a son yawan maimaita ta.

Idan an bi duk wannan da gaske na wata uku zuwa shida, ciwon na hana barci, ko ya kai ba a iya sa tufafi da riƙe kofi, sai a je wurin likitan tiyatar hannu. Aikin da aka fi yi wa gindin babban yatsa shi ne a cire ƙaramin ƙashin nan na wuyan hannu gaba ɗaya, ƙashi ya daina gurzar ƙashi. Yana kawar da ciwo a wurin mafi yawan waɗanda aka yi wa, amma hannun zai zauna a ɗaure sati huɗu zuwa shida, sai gashi na watanni, kuma ƙarfin matsi kan ɗauki wata shida zuwa shekara kafin ya kai inda zai tsaya. Ga mai ɗinki wannan lissafi ne da ake yi tun kafin a sa rana. Gaɓar kusa da farce kuwa, in ta karkace sosai tana ciwo, haɗe ta ake yi ta zama ƙashi ɗaya: ciwon ya tafi, yatsan ya miƙe, amma gaɓar ba za ta ƙara lanƙwasawa ba.

Daga abin da kika rubuto, ba ki kai nan ba. Ki je a duba hannun a tabbatar, ki nemi a tura ki sashen gashin ƙashi a auna miki maɗauri, kuma ki tafi da almakashinki da makullinki a jaka domin a ga yadda kike riƙe su.